Aman ciki: yaushe ya wuce laulayi?

"Assalamu alaikum Sista, ƙanwata cikinta wata biyu, yau kwana uku ko ruwa ta sha sai ya dawo. Uwar mijinta ta ce laulayi ne, kowa ya yi. Mu kira mai kemis ya sa mata ruwa a gida?"

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ku kai ta asibiti yau ɗin nan, kar ku jira gobe. Wannan ya wuce laulayi.

Mai laulayi tana amai, e, ƙamshin girki na tayar mata da zuciya, amma tana ɗan shan koko ya zauna, tana fitsari kamar kullum, kuma yawanci kafin sati 16 zuwa 20 ya lafa. Aman masu ciki mai tsanani da muke ce wa haifaremesis kuwa, komai ba ya zama. Idan mace ta kwana ta wuni, awa 24, ruwa bai zauna mata ba, ta riga ta kai a duba ta. Ki tambaye ta yaushe rabonta da fitsari. In ɗan kaɗan ne, ja-ja, ko ta yi awa takwas babu, in ta miƙe jiri na ɗibarta, zuciya na bugawa da sauri, jikinta ya bushe ke nan. Sannan sikeli: mai kilo 60 ta koma 57, kashi 5 cikin 100 ya tafi, mu a nan asibiti gado muke ba ta.

Maganar mai kemis kuwa, wallahi ita ke ƙona mini rai. Ledar ruwan suga yake ratayawa, wai ta samu ƙarfi. Macen da ta daɗe tana amai, bitamin B1 na jikinta ya yi ƙasa, in aka ɗura mata suga ba a fara ba ta shi ba, ƙwaƙwalwa na iya taɓuwa. Na ga wadda aka kawo mana haka, tana ruɗewa, idanu na rawa, tafiya ta gagara, danginta na cewa iska ce. Leda nawa aka sa mata a ɗaki, ba wanda ya auna jininta! Har yau in na tuna... to, bar wannan.

A asibiti ruwan gishiri ake sawa, a auna jini a ga ko sinadarin fotashiyam, wanda amai ke zubarwa, ya sauka a ƙara mata, a ba ta B1, a yi mata allurar tsayar da amai irin su furometazin, waɗanda ake ba masu ciki. Za a duba maleriya da ciwon fitsari, a yi sikanin ko tagwaye ne, ko irin cikin da mabiyiya ce kawai ta tsiro babu ɗa.

Ba ina nufin dole ta kwana ba fa. Wata in ta sha leda biyu, amai ya tsaya, ƙwaya ta zauna, sai a sallame ta. Amma in akwai jini a aman, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki, ko tana ruɗewa, kwanciya ce. Ki samu mijin ki yi masa magana da kanki, ya fito da ita yanzu.