Tarar Jinkirin Biya a Inbois: Ladabtarwa Ce Ko Riba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da takin zamani a Gombe, mafi yawan masu sari kuma bashi suke ɗauka. Ɗana ya ce mu bar littafi mu koma manhajar inbois, wato takardar lissafin kaya da kuɗin da ake bin mai saye. Wadda muka duba tana jera lamba da kanta, tana sa wa'adin kwana 30, tana kuma ƙara kashi 2 cikin ɗari kowane wata a kan wanda ya makara. Wasu suna da kuɗin, wasa suke yi da ni. Ya halatta in kunna wannan tarar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Amfani da manhajar halal ne, rubuta bashi kuwa umarnin Alƙur'ani ne.

Maganar tana wurin tarar. Da ka loda wa mutum buhu 30 a kan naira 40,000, ya tafi da su, naira 1,200,000 ta zama bashi a wuyansa. Naira 24,000 da manhajar za ta ɗora masa bayan wata ba kuɗin taki ba ne, kuɗin lokaci ne, kuma ita ce ribar jahiliyya: ko ka biya ko ka ƙara. Da magini ka sa wa tara don ya jinkirta gama maka sito, da na ce babu laifi, domin aiki ake binsa. Haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta bambanta su a shekarar 2000. Kai kuɗi kake bi.

Na lura ka jaddada cewa suna da hali, kuma na san wani zai kawo maka fatawar Shaihu Musɗafa Zarƙa, wanda ya halatta karɓar diyya daga mawadacin da ke taurin bashi. Babban malami ne, amma ba mu bin sa a nan. Hadisi ya kira jinkirin mai hali zalunci, ya halatta a ambaci laifinsa a kuma hukunta shi, malaman farko kuwa sun fassara hukuncin da tsarewa a hannun alƙali, ba ƙarin kuɗi ga mai bin bashi ba. Ribar da ake cewa ka rasa zato ce: da kuɗin ya dawo da wuri, wa ya tabbatar maka ba asara za ka yi da shi ba? Shi kansa Zarƙa ga kotu ya miƙa ƙiyasta cutarwar bayan ta auku, bai yarda a yanka kaso tun farko ba. Manhajarka kuwa ba ta san mai wasa da kai ba, ba ta san wanda ambaliya ta cinye masa gona ba; ranar 31 duka za ta caje su, alhali mai ƙunci Allah ya ce a saurara masa. Ko sharaɗin a bayar da tarar sadaka, da wasu bankunan Musulunci ke bi, ban ba ka shawararsa ba, domin kai ne mai karɓa, kai ne mai rabawa, babu mai duba ka.

Ga mafita. Ka sa farashin bashi tun wurin ciniki, a ce buhu 42,000, jimla 1,260,000, ku tsaya a kan wannan farashi ɗaya kafin ku rabu, ba ya ƙaruwa ko ya makara. Ka raba masa biya uku, 420,000 kowanne, da sharaɗin in ya tsallake ɗaya ba uzuri sauran sun wajaba nan take. Ka nemi jingina ko mai tsaya masa. Wanda ya saɓa, ka rufe masa ƙofar bashi.

Wurin zaɓen manhaja, sai wadda ake iya kashe "Late fee", wato tarar jinkiri, gaba ɗaya, don kada sharaɗin ya fito a ƙasan takarda. Kada ka bar shi don tsoratarwa da niyyar ba za ka karɓa ba. Sharɗanta riba haramun ne ko ba a karɓa ba. "Net 30", wato wa'adin kwana 30 ɗin nan, yana ƙirgawa ne daga ranar inbois, saboda haka ka fitar da shi ranar da kaya suka fita, a buga ranar biya ɓaro-ɓaro. "Sai ka samu" ba wa'adi ba ne a ciniki.

Lambar inbois kuma ta tafi a jere, kamar GM-2025-0001, kada a maimaita, kada a goge. In an yi kuskure a soke takardar da "Void", lambarta ta zauna a wurin. Ranar da ka ga 0046 sai 0048, ka tambayi yaron shago ina 0047 take, amma tambaya ce, ba tuhuma ba.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: kada lissafin nan ya zauna a wayar ɗanka kaɗai. Kowane ƙarshen wata a buga jerin waɗanda kake bi a takarda, ka ajiye inda iyalinka suka sani, saboda haƙƙin magada ne in ta Allah ta kasance. Wallahu a'alam.