Alhaji, kafin ka fasa ajiyar nan, a buga lissafi tukuna

Wani ɗan kasuwa daga Tawa ya rubuto mini: "Metir, na ajiye sefa miliyan 6 a banki na shekara guda, irin ajiyar da suke kira DAT, a kan ruwa kashi 5 cikin 100. Yanzu wata 8 ke nan. Albasa ta fito, ina son miliyan 2 in saya a yankin Galmi in zuba a rudu har ta yi tsada. Yaron banki ya ce in na taɓa kuɗin za a ci ni tara, kuma ba a cire rabi a bar rabi. Kuɗina ne fa. Suna da wannan ikon? In fasa ko in haƙura?" Ya haɗo da hoton takardar yarjejeniyar.

Alhaji, kuɗinka ne, babu mai musu. Amma ranar da ka sa hannu ka ba banki alkawarin ba za ka neme su ba sai wata 12 sun cika, shi kuma a kan wannan alkawarin ya yarda ya ba ka kashi 5, fiye da kashi 3 da rabi da ake bayarwa a asusun tanadi na yau da kullum a ƙasashen UEMOA. Aya ta 1134 ta kundin dokar farar hula da muke aiki da ita a Nijar ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida doka ce a kan waɗanda suka ƙulla ta. Saboda haka amsar tambayarka ta farko tana cikin takardar da ke hannunka. Abin da aka rubuta a ciki ya ɗaure ka, ya kuma ɗaure banki, kuma wannan na biyun shi ne abin da mutane suke mantawa. Tarar da ba ta cikin yarjejeniya, ba ta kuma cikin sharuɗɗan banki da aka sanar da kai ka amince, ba za a ƙirƙiro maka ita a ranar fita ba.

Na karanta taka. Sharaɗin fita kafin lokaci ya ce za a maido maka uwar kuɗi cif, a lissafa ruwa na kwanakin da suka yi a banki, amma a zare 2 daga cikin 5 ɗin nan, a biya ka a kan kashi 3. Ya kuma ce fasawa ta duka ce. Yaron banki bai yi maka ƙarya ba ke nan. Taka ma mai sauƙi ce. Akwai yarjejeniyar da ke cewa ruwan duka ya tafi in aka fasa a watannin farko, akwai wadda ke ɗora tarar a kan watannin da suka rage. Wadda ta fi ba mutane mamaki ita ce wadda aka biya ruwan tun a farko ko kowane wata uku: in aka fasa, abin da aka riga aka biya ka fiye da haƙƙinka daga uwar kuɗi za a cire shi, sai mutum ya ga an miƙo masa ƙasa da abin da ya kai, ya ce an yi masa sata. Ba sata ba ce, kuɗin da ya riga ya ci ne ake karɓewa.

Yanzu lissafi. Miliyan 6 a kan kashi 5 suna kawo jika 300 a shekara, wato jika 25 kowane wata. A wata 8 ka tara jika 200. In ka fasa yau aka mai da kai kashi 3, jika 120 za ka karɓa. Tarar da ake tsorata ka da ita jika 80 ce.

Amma asarar ba ta tsaya nan ba, kuma nan ne ƴan kasuwa da yawa suke yin kuskure, don tarar kaɗai suke dubawa. Saura wata 4, kuma da ka bar kuɗin za su ƙara kawo jika 100. Miliyan 2 kawai kake buƙata, sauran miliyan 4 za su fito ba gaira ba dalili. Ka ce ka zuba su a asusun tanadi a kan kashi 3 da rabi, a wata 4 za su kawo kusan jika 47. In ka haɗa da 120 ɗin ka sami 167 a madadin 300. Abin da fasawa za ta ci maka na gaskiya kusan jika 133 ne. Ban cire haraji ba, domin gwamnati tana ɗaukar nata daga ruwan ajiya tun a banki, ko ka fasa ko ka jira, kuma bankuna sukan lissafa shekara a kwana 360, saboda haka adadin da za su ba ka zai ɗan bambanta da nawa. Ka riƙe 133 ɗin nan, da shi za mu auna sauran hanyoyi.

Hanyar da yaron banki bai gaya maka ba, wataƙila don ba ka tambaya ba, ita ce abansi a kan ajiyar. Banki ya ba ka bashin miliyan 2, ajiyarka ta zama jingina, ta ci gaba da tara ruwanta na kashi 5 har ranar cika. Dokar jingina da lamuni ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka da dama har da Nijar, dokar da aka sabunta a Lome a watan Disamba na 2010, ta tanadi jinginar da asusun banki, kuma sai a rubuce ake yin ta. Bankuna suna son irin wannan bashin, tunda abin biyansu yana hannunsu, shi ya sa ruwansa ya kan fi na sauran basussuka sauƙi, kuma ba a neman takardar gida ko mai tsaya maka.

Mu ɗauka, a matsayin misali, sun ce kashi 8. Miliyan 2 a wata 4 ruwansu jika 53 da ƴan kai. Ka ƙara kuɗin buɗe takardun bashi, mu ce jika 20, da harajin da ake ɗorawa a kan ruwan da kuɗin takardun, ka tashi a wajen jika 85 zuwa 90. Ka aza wannan kusa da 133. Abansi ya fi sauƙi da jika 40 da wani abu, kuma ajiyarka tana nan daram. A halin da kake ciki, shi nake ba ka shawara, muddin duk abin da za su caje ka bai kai 133 ɗin ba. Kada ka tambaye su kashi nawa ne ka tsaya nan. Ka ce su rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga ranar karɓa zuwa ranar biya, da sefa, domin a bashin wata 4 kuɗin takardu kaɗai yana iya cinye ribar dabarar.

Ban ce abansi kullum shi ne daidai ba. Da miliyan 5 kake so, da lissafin ya juye. Ruwan miliyan 5 a wata 4 a kan kashi 8 jika 133 ne tun kafin a ɗora kuɗin takardu da haraji, abin zai kai wajen jika 180 ko fiye, alhali fasawa a wannan halin kusan jika 168 za ta ci maka, tunda miliyan 1 kawai zai rage ka sake ajiyewa. Ga shi kuma banki ba ya yawan ba da abansi daidai da dukan ajiya, yana rage wani abu don kare kansa. Haka nan da a wata na 2 ka zo mini, da na ce ka fasa kawai: tarar a lokacin jika 20 ce, ka buɗe sabuwar ajiya da miliyan 4 ɗin, maimakon ka yi ta ɗaukar bashi na wata 10. Fasawa tana da arha a farkon wa'adi ko in kusan dukan kuɗin ake buƙata. Tana da tsada in wa'adi ya kusa kuma ɗan kaɗan ake so, kamar naka.

Na san akwai masu karatu da za su ce duk maganar ruwa ce, ga na ajiya ga na bashi. Wannan hukunci na malamai ne, ni abin da takarda ta ɗora wa mutum nake bayani. Wanda ba ya cin ruwan tun asali, lissafinsa gajere ne: ya duba ko tarar za ta taɓa uwar kuɗi, in ba ta taɓa ba ya fasa abinsa.

Ita kuwa albasa, kai ka fi ni sani. Abin da zan ce kawai, jika 90 a kan miliyan 2 kashi 4 da rabi ne a wata 4. In bayan ruɓa da ramewa a rudu da kuɗin buhu da na mota ribar da kake hange ba ta wuce wannan nesa ba, to hanya ta uku, wato haƙuri, ita ce mai kyau. Ka kuma lura da lokaci: in ajiyar ta cika kafin ka sayar da albasar, banki daga cikinta zai cire miliyan 2 ɗinsa, ya ba ka saura.

In duk da haka ka zaɓi fasawa, kada ka yi ta da baki. Ka rubuta takarda, ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Kafin ka sa hannu a kan komai ka nemi su fitar maka da lissafin fita a rubuce: uwar kuɗi, kwanakin da aka ƙirga, kashin da aka yi amfani da shi, haraji, da abin da zai shiga asusunka. Ka duba ko akwai wa'adin sanarwa, domin wasu yarjejeniyoyin suna neman a sanar da banki kwanaki kafin a saki kuɗi, kuma wanda ya yi alkawari da manoma ranar kasuwa bai kamata ya ji wannan a bakin kantar banki ba. Ka kuma tabbatar ba ka taɓa jinginar da ajiyar ba, ko don bashinka ko don tsaya wa wani. In an jingine ta, banki yana da ikon hana ka fasawa har sai an biya wancan bashin.

Idan lissafin da suka ba ka ya saɓa wa takarda, misali suka cinye ruwan duka alhali an rubuta kashi 3, ka fara da ƙorafi a rubuce zuwa ga shugaban reshe, ka ambaci sharaɗin da lambarsa. In shiru, a aika musu takardar gargaɗi ta hannun ma'aikacin shari'a mai kai sammaci. Bayan nan akwai Hukumar Sa Ido kan Bankuna ta UMOA da ke Abijan, wadda ke karɓar ƙorafin abokan hulɗar bankuna, akwai kuma kotu. Amma a matsayina na lauya nake gaya maka, jayayyar jika 80 ba ta kai kuɗin shari'a ba, kuma yawanci wasiƙar farko mai hatimi ta isa a gyara kuskure.

Akwai wani layi a shafi na biyu na takardarka da ba ka tambaye ni a kai ba. Ya ce in ranar cika ta zo ba ka ce komai ba, ajiyar za ta sabunta kanta na wata shekara. In hakan ya faru ka zo neman kuɗinka bayan mako guda, sabuwar fasawa ce da sabon sharaɗin tara. Tun yanzu, ranar da ka je maganar abansi, ka miƙa takardar cewa ba ka son sabuntawa, a zuba kuɗin a asusunka ranar da wa'adi ya cika, kuma a buga maka hatimi a kwafinka.