Manomanmu 900 sun koma 1,430 a kwamfuta, daga ina ragowar suka fito?

Tambaya daga wani sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Auyo: "Salam Malam. Mun haɗa bayanan membobinmu a rumbu ɗaya a PostgreSQL, Excel ɗin rabon taki layi 610, fom ɗin KoboToolbox 520, sai CSV na masu biyan bashi 300. Mu dai mun san ba mu wuce 900 ba amma yana nuna 1,430, kuma wasu ranakun sun birkice. Dan Allah ya zan yi?"

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Haɗa 610 da 520 da 300 ka gani, 1,430 cif. Wato kun kwaso kun zuba, ba ku sheƙe ba. Abin da ake kira ETL ɗin nan aiki uku ne, a ɗebo, a gyara, sannan a loda, to na tsakiyan kuka tsallake, kuma nan ne duk wahalar take.

Kar ka taɓa fayilolin asali tukuna. Buɗe wani tebur ka kira shi `staging`, ka zuba komai yadda ya zo, kowane kolom a matsayin `text` har lambar waya da kwanan wata, ka ƙara kolom biyu na sunan fayil da lambar layi. In gyara ya ɓaci gobe kana da wurin komawa.

Sai lambar waya, don da ita za ka gane Moh'd Sani na Excel shi ne Muhammadu Sani na Kobo. Excel yana ɗaukar lambar waya kamar kuɗi, sai ya cinye sifirin farko, 0803 ta koma 803, yaran da suka cike fom kuma wani ya sa +234 wani ya bar tazara a tsakiya, lamba ɗaya ta fito kala uku kuma kwamfuta ba ta san dangantakarsu ba. Cire duk abin da ba lamba ba ka riƙe goman ƙarshe:

```sql
right(regexp_replace(waya, '\D', '', 'g'), 10)
```

Amma ka fara neman masu kama da `2.34803E+12`. Waɗannan an yi sabin ɗin CSV ne daga Excel a haka, ragowar lambobin sun tafi, babu dabarar da za ta dawo da su sai an koma fayil ɗin asali ko littafin rajista. Ware su gefe kafin ka sa umarnin nan, in ba haka ba zai ƙera maka lambar da ba ta kowa ba.

To ga inda mutane ke yin ɓarna. Kar ka ce duk lamba iri ɗaya mutum ɗaya ne. Ka fi ni sanin ƙauye, waya ɗaya ce a gida, maigida da 'ya'yansa biyu da ƙaninsa duk ita suka bayar, wani lokacin ma ta mai cajin waya ce ta bakin kasuwa. Ni da kaina na taɓa haɗe mutum bakwai suka koma ɗaya a wani aiki, ranar rabo shida suka zo ba sunansu, wallahi ban ji daɗin ranar ba. Sai waya da suna da ƙauye sun dace za ka haɗe. In waya ta dace suna bai dace ba, fitar da su a takarda ka zauna da mai unguwa ko wani dattijon ƙungiya ya tantance maka. Bayan nan ka ba kowa lambar memba ta dindindin, ka ajiye tebur mai nuna wane layi na wane fayil ne ya koma wace lamba.

Kwanan wata kuwa, 03/04/2024 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka kuma 4 ga Maris za ta karanta. Duba kowane fayil daban, in ka ga 25/04 ka san rana ce a gaba tunda babu wata na 25, sai ka faɗa wa PostgreSQL tsarin ƙarara da `to_date(rana, 'DD/MM/YYYY')`. In ka ci karo da irin su 45292 ba shirme ba ne, ƙidayar kwanaki ce ta Excel, wannan ɗin 1 ga Janairu 2024 ke nan. Kobo ba ya ba da ciwon kai a nan, shekara-wata-rana yake fitarwa.

Kafin ka loda a babban tebur yi lissafi. A ce ka samu mutum 880 tsayayyu, layi 505 maimaici ne da aka haɗe, 45 an ware don matsala, jimla dole ta dawo 1,430, in ta gaza ko da ɗaya ne to wani layi ya zube a hanya. Haka kuɗin bashi, jimlar da ke CSV ta yi daidai da ta rumbu har kwabo. Kuma ka sa `UNIQUE` a kan lambar memba, don watan gobe in wani ya sake loda fayil ɗin nan sau biyu, tebur ɗin ya ƙi karɓa.