Babur Yana Juyawa Amma Ya Ƙi Tashi

Tambaya: Malam, babur ɗina na acaɓa ne, da shi nake ciyar da iyali. Jiya da daddare na sha mai a wurin 'yan bumburutu na kai shi gida lafiya. Yau da safe sitata na juyawa, kik ma na yi har ƙafa ta gaji, amma ya ƙi tashi. Bakanike ya ce sai an sauke inji, maƙwabcina kuma ya ce in tuttula fetur a ramin fulogi. Wanne zan bi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Injin da ya kawo ka gida lafiya jiya ba kasafai yake lalacewa yana ajiye ba. Ka kuma daina danna sitata babu ƙaƙƙautawa. Daƙiƙa 5 ta isa, sai ka bar ta ta huta, in ba haka ba batir zai mutu ka ƙara wa kanka aiki.

Fara da mai, tunda nan zargina ya fi ƙarfi. Juya famfon mai zuwa RES, ka tara kwalba mai haske a ƙasan kafireta, ka sassauta ɗan sukurun da ke gindin kofinta. In mai ya zubo ya ci gaba da zuba, hanyarsa a buɗe take. In ya ɗiga ya tsaya, buɗe murfin tanki ka sake dubawa. Idan yanzu ya taho, ramin iskar murfin ne ya toshe, idan kuwa bai taho ba, datti ne a famfo ko a tacin mai. Sai ka ɗaga kwalbar ka kalle ta a haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka za ka gan shi kwance a ƙasa, da layi tsakaninsu. Haka ya kwana yana taruwa a gindin tankinka da kofin kafireta, inda inji ke fara zuƙa da safe. In ka ga haka, a juye tankin duka, a wanke kofi da jet, a zuba mai mai kyau.

In man lafiya yake, kwance fulogi. Busasshen baki bayan duk wannan kik ɗin na nufin mai ba ya shiga, galibi ƙaramin jet ne ya toshe. Jiƙaƙƙe mai warin fetur kuwa, mai ya iso, wuta ce babu, ko kuma man ya yi yawa.

Nan ne nake faɗa da mutane kullum. An ɗauka duk babur da ya ƙi tashi yunwar mai yake ji, sai a ɗauko gora a tuttula masa a ramin fulogi. Fetur ba ya kamawa a cikin inji sai ya gauraya da iska mai yawa. Wanda ka tuttula zai jiƙa fulogi, ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya zurara ta gefen ringi ya tsinka man inji. Abin da ya fi muni shi ne gwajin da ke biyo baya. Mutum ya cika silinda da fetur, ya ɗora fulogi a bakin ramin, ya sunkuya yana leƙen wuta, yaronsa ya taka kik. Fistin ya feso fetur waje, tartsatsi na nan a gefe, fuska kuma na sama, tanki na bisa kai. Kuma za ka ji mai yin haka yana cewa shekara da shekaru yake yi bai ƙone ba! Masu sani ɗigo biyu ko uku suke sawa, su mayar da fulogi su ɗaure kafin a taka. In ya tashi ya mutu, an tabbatar akwai wuta, matsalar ta mai ce. Iyakar amfaninsa ke nan, kuma ba a yin sa ga fulogin da ya riga ya jiƙe.

Ga yadda ake duba wuta. Rufe famfon mai, goge duk inda fetur ya zuba, kawar da kwalbar nan. Makulli a kashe, ka yi kik kaɗan silinda ta bushe. Sa fulogi a hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin, ka kunna ka taka. Shuɗin tartsatsi mai ƙara ake nema, tazarar bakin fulogi kuma kamar milimita 0.7. In babu, gwada sabon fulogi. In har yanzu babu, duba hula da wayarta, sannan makulli da makunnin kashe inji in akwai. Kada ka sayi CDI ko kwayil sai an ara mai aiki an gwada.

In mai na zuwa, wuta na nan, cire wayar fulogi gefe, makulli a kashe, ka toshe ramin da babban yatsa a taka kik. Iska ta tunkuɗe yatsan da ƙarfi. In ba ta yi ba, a fara duba gyaran bawul, aikin da ake yi inji na jikin babur. Sai wannan ma ya gaza sannan ka koma wa bakaniken naka ku yi maganar ringi.