Haƙarƙarina tsagewa ya yi ko buguwa ce kawai?

Tambaya: Salam likita, kwana uku kenan na faɗi a mashin wajen Wunti a nan Bauchi, gefen dama na bugu. In na yi tari ko dogon numfashi sai in ji kamar an caka min wuƙa. Abokaina sun ce in je wajen mai ɗori a ɗaure min ƙirji. Ya zan gane tsagewa ce ko buguwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, sannu malam, Allah ya ƙara sauƙi. Da farko dai kar ka yarda a ɗaure maka ƙirjin nan, ko da bandeji ko da rawani.

Ka bi haƙarƙarin da yatsa a hankali, in akwai waje ɗaya tak a kan ƙashin da kana taɓawa za ka zabura, ko kana jin wani ƙas-ƙas in ka juya, to ya fi kama da tsagewa. Buguwa ciwonta a baje yake cikin nama. Amma gaskiya ko mu a asibiti ba kullum muke rabewa ba, hoton ƙirji ma sau da yawa ba ya nuna ƙaramar tsagewa, in mun tura mutum hoto yawanci huhun muke son gani. Kuma kulawar ɗaya ce, ƙashin da kansa yake haɗewa, sati 3 zuwa 6.

Abin da nake tsoro shi ne numfashinka. Saboda zafi mutum sai ya koma shaƙar iska sama-sama yana danne tari, majina ta taru a ƙasan huhu, bayan kwanaki sai zazzaɓi, nimoniya ta shigo kenan. To ɗauri wannan matsalar yake ƙarawa, ƙirjin da dama ba ya buɗewa an zo an ƙara matse shi.

Shi ya sa maganin ciwo ba gata ba ne, don ka iya numfashi ne. Farasitamol ƙwaya 2 na 500mg duk awa 6, kar ka wuce ƙwaya 8 a yini. Ibufurofen kuwa in kana da olsa ko ciwon ƙoda ka bar shi. Duk awa ɗaya ka zauna ka ja dogon numfashi a hankali sau 10, in tari ya zo ka rungume filo a wajen ka yi abinka, kar ka haɗiye shi. Kwanciya ka ɗan jingina, ka riƙa ɗan tattaki a tsakar gida, buhu da jarka kam a bar wa yara tukuna.

Amma in numfashi ya fara yi maka wuya, ko ka ga jini a tari ko fitsari, ko zazzaɓi da majina mai ruwan ɗorawa, ko ciwon ciki da jiri ko ciwon kafaɗa, kar ka jira gari ya waye, hanta tana nan ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ka wuce imajensi na asibitin koyarwa na ATBU kai tsaye, kuma wani ya kai ka, kar ka tuƙa mashin ɗin da kanka.