Na rufe afaca zuwa f/22, hoton ya fito dishi-dishi

"Salamu alaikum 'yan uwa. Na hau Dutsen Dala na ɗauki gari a 18mm, na sa f/22 don komai ya fito tar, kyamara kuma tana kan ƙafarta. Amma da na zuƙo hoton, rufin gidaje duk dishi-dishi. Ko lens ɗina ne ya lalace? Kyamarar APS-C ce, megafiksel 24."

Wa alaikumus salam. Malam, kar ka kai shi gyara, lafiyarsa ƙalau. Ni ma na daɗe ina zargin nawa, har na sayar da wani a banza kafin na gane.

Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi. Ka lura da ruwan lambu idan ya bi ta 'yar ƙaramar kafa, yana fita sai ya bazu gefe da gefe. To a 18mm, f/22 na nufin afaca, wato ƙofar da ka bar wa haske, ba ta kai milimita ɗaya ba. Hasken da ya goga bakin ƙofar sai ya karkace, ɗigon da ya kamata ya sauka a sensa kamar tsinin allura ya koma ɗan faifai.

Faɗin faifan kuwa ana lissafa shi. A koren haske, ka ninka lambar f da 1.34, ka samu faɗin a maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. A f/8 kusan 11 ke nan, a f/22 kuwa kusan 30. Fiksel ɗin kyamararka bai kai maikiron 4 ba. Wato a f/22 kowane ɗigo ya shafe fiksel bakwai da wani abu, ya hau kan maƙwabcinsa. Ina layin kwano zai fito? Kuma tsadar lens ba ta magani, mai miliyan ma haka zai yi.

Ga yadda nake rarrabewa. Idan girgiza ce, za ka ga gefen abu ya ninku biyu ko ya ja gefe guda. Idan fokas ne ya kuɓuce, galibi wani wuri zai fito garau. Idan bazuwar hasken nan ce kuwa, ko'ina laushi ɗaya, na kusa da na nesa. Sau da yawa har ƙurar sensa za ka gani baƙi-baƙi a sararin sama, don f/22 tona mata asiri yake yi. (In da hunturu ka hau, hazo ma ya ci nasa kason.)

Abin haushin shi ne ba ka ma buƙatar f/22 ɗin. A 18mm, ka sa f/8, ka ɗora fokas kan abin da ke mita uku, daga kusan mita ɗaya da rabi har ƙarshen gari zai fito. Ni a irin wannan kyamara ba na wuce f/11, sai in ƙaramin abu nake ɗauka dab da shi, inda zurfin fokas ya fi min komai. In rana ce ta yi yawa, ka sauke ISO zuwa 100, ka ƙara saurin shota.

Gobe ka manna takardar jarida a bango, ka ɗauka a f/5.6, f/8, f/11, f/16 da f/22 ba tare da ka motsa kyamara ba. Ka zuƙo kowanne zuwa 100%, ka duba ƙananan rubutun, ka turo mana mu gani.