Yadda ake bayyana ma'anar “kara” a layi ɗaya

Tambaya: Malam, ina fassara gajerun labarai daga Hausa zuwa Turanci, kuma mai buga littafin ya ce in sa jerin kalmomi a ƙarshe, kowace da bayanin da bai wuce layi ɗaya ba. Kalmomi irin su kara da kawaici da kunya sun gagare ni, domin duk wadda na ɗauko a Turanci sai in ga ba ta kai ba. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, shawarata ita ce ki dakata da neman kalmar Turanci tukuna, ki fara rubuta bayanin da Hausa mai sauƙi, sannan ki fassara bayanin. Dalili kuwa shi ne irin waɗannan kalmomi suna ɗauke da yanayi guda cikakke, wato wane ne ya yi, saboda wa ya yi, kuma me ya bari ko ya aikata. Idan wani harshe bai tattara waɗannan abubuwa uku cikin kalma ɗaya ba, duk kalmar da kika ɗauko za ta kama ɗaya ne ta saki biyu. Amma kowane harshe yana iya faɗin abubuwan uku a cikin jimla, kuma wannan jimlar ita ce abin da mai buga littafin yake nema a wurinki.

Mu ɗauki kara, wadda ake cewa “ya yi mini kara” ko “wance ba ta da kara”, ba karan dawa ba. Kafin ki rubuta komai, ki tara wurare uku ko huɗu da Bahaushe zai ce an yi kara ba tare da gardama ba. Ɗanki ya yi faɗa da ɗan maƙwabciya, kin san naki ne da gaskiya, amma kika tsawata wa naki a gaban uwar yaron. Mutum ya je karɓar bashi, ya tarar da dattijon gidan a zaure, sai ya gaisa ya juya bai tayar da maganar ba. Mai kanti ya ga surukinsa ya taya kaya ƙasa da kuɗinsa, ya sallama. Idan kika jera su za ki ga abin da ke maimaituwa: mai yin kara yana da haƙƙi, ya sani yana da shi, ya kuma bar shi da gangan saboda ganin idon wani. Bayanin ya fito ke nan: “barin abin da kake da haƙƙi a kansa don ganin girman wani ko gudun ɓata masa rai.”

Yanzu sai gwaji, kuma a nan ne yawancin masu fassara suke yin gaggawa. Gwaji na farko shi ne ki cire kalmar daga jimla ki sa bayanin a gurbinta. “Ya yi mini kara” zai koma “ya bar abin da yake da haƙƙi a kansa don ganin girmana”, kuma ma'anar ba ta kauce ba. Da a ce kin rubuta “kirki” ko “ladabi” kawai, kamar yadda kalmomin Turancin da suka fi kusa za su ja ki, jimlar za ta koma “ya yi mini kirki”, wadda ta dace har da wanda ya ba ki ruwa a hanya, alhali wannan bai bar wani haƙƙinsa ba. Duk bayanin da ya dace da abubuwan da Bahaushe ba zai kira kara ba, ya yi faɗi da yawa.

Gwaji na biyu ya fi wuya, shi ne ki ɗora bayanin a kan kalmomin da ke maƙwabtaka da ita ki ga ko ya bambanta su. Kawaici yana kusa da kara ƙwarai, har mutane kan haɗa su a magana ɗaya, amma a ganina abin da ke tayar da shi daban ne. Mai kawaici an yi wani abu ne da bai ji daɗinsa ba, ya gani, ya kau da kai kamar bai gani ba. Saboda haka bayaninsa zai zama “yin shiru da gangan a kan abin da ka gani bai yi maka daɗi ba.” Uwar miji da ta ga amarya ta ƙona miya ta ci ba ta ce uffan ba, kawaici ta yi. Idan kuwa ta ɗauki naman da aka sa mata ta mayar wa amaryar, wannan kara ce. Idan kika ga bayani guda ya zauna daidai a kan kalmomin biyu, to bai gama nuna ba, sai ki koma ki nemi abin da ya raba su, wanda sau da yawa kalma ɗaya ce ko biyu kacal.

Kunya kuma matsalarta ta bambanta, domin ba ma'ana ɗaya gare ta ba, kuma kuskure ne a matsa mata ta shiga jimla ɗaya. Wanda ya “sha kunya” an tozarta shi ne a gaban jama'a. Yarinyar da ke “jin kunya” ta rufe fuska a gaban baƙi wani abu ne dabam. Matar da ke “jin kunyar” ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ko mutumin da ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ba su yi wani laifi ba, kuma ba tsoro suke ji ba, suna kiyaye wata ƙa'ida ce ta zama da dangi wadda ake yabon mai kiyaye ta. Kalmar Turancin da aka saba fassara kunya da ita, wato “shame”, tana jingine da laifi da tozarci, don haka mai karatu zai ɗauka matar nan tana jin nauyin haihuwar ɗan ne, wanda akasin abin da labarin ke nufi ke nan. Tun da jerin naki na littafi ɗaya ne, ba ƙamus ba, ki duba ma'anar da ta fito a labaranki ki bayyana ita kaɗai, misali “kamewar da al'ada ta tanada a gaban surukai da ɗan fari.” Idan ma'ana biyu suka fito, ki raba su da lamba 1 da 2.

Game da ƙamus, ki duba na Bargery na 1934, domin ya kan kawo jimlolin misali da kalmomi masu kusancin ma'ana, kuma waɗannan ne za su taimaka miki wajen gwaji na biyu, ko da yake Hausarsa ta kusa shekara ɗari, wasu ma'anonin sun motsa. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, Hausa zuwa Hausa ne, don haka ya fi kusa da matakin farko da na ambata. Abin da za ki kiyaye a kowane ƙamus, har da jerin naki, shi ne zagaye, wato a bayyana kara da alkunya, a koma a bayyana alkunya da kara. Bahaushe ba zai lura ba tun da ya san duka biyun, amma baƙo zai fita hannu rabbana.

Akwai abin da layi ɗaya ba zai ɗauka ba, shi ne hukuncin da jama'a ke yi wa mai halin. “Ba ta da kara” zargi ne mai nauyi tsakanin kishiyoyi ko facaloli, kuma bayanin da muka rubuta bai nuna wannan nauyin ba. Idan mai buga littafin ya yarda, ki ƙara gajeriyar jimlar misali bayan kowane bayani, wadda kika ciro daga labarin kansa. Idan bai yarda ba, ki bar kalmar da Hausarta a cikin labarin, ki tabbata wurin da ta fara fitowa ya nuna wanda ya bar haƙƙinsa da wanda aka bar wa, domin mai karatu zai riƙa komawa can fiye da yadda zai riƙa buɗe shafin ƙarshe.